Mai Buhu da Liyafar Mutum Ɗari Shida

A ƙarshen layin masu hatsi, inda motocin kaya suke juyawa, akwai wata rumfa mai rufin kwano wadda ba ta da ƙofa. Dattijon da ke zama a cikinta shekararsa sittin da shida, kuma kowa Mai Buhu yake ce masa. Sana'arsa sayen buhunan da aka gama amfani da su: na fulawa daga gidajen burodi, na sukari da na shinkafa daga manyan kantuna. Yakan juya kowane buhu, ya kakkaɓe shi, ya ɗaga shi ga hasken rana ya duba ko da huji. Mai lafiya ya ajiye shi hannun dama, mai ƙaramin rauni ya ɗinke shi da basilla, wanda ya yi kaca-kaca ya ware wa masu gawayi. Sai ya ɗaure su hamsin-hamsin. Ribar buhu ɗaya ba ta sayen ƙwai guda. Duk da haka da ita ya gina ɗaki uku da tsakar gida, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta har suka gama.

Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan aiki. Garin fulawa ya shiga layukan tafin hannunsa, ba ya fita ko da sabulu. Ba mai yawan magana ba ne. Maƙwabtansa a layin suna tsokanarsa cewa ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya bayar.

Ba da buhu ya fara ba. Yana da shekara ashirin da biyar ya buɗe kantin kwanuka da tukwane a tsakiyar kasuwa, da kuɗin da ya tara yana yi wa mahaifinsa tsaron kaya. Kantin ya yi shekara shida ya mutu. Abin da dangi suka sani shi ne kayan roba sun shigo kasuwa da araha, mutane suka juya wa kwanon ƙarfe baya. Daga nan ya yi shekara goma sha biyu yana sayar da kaya a kantin wani, ana biyansa a wata. Sai da ya kai talatin da takwas ya yi aure, a tsakar gidan haya, mutum ashirin da 'yan kai suka ci abinci aka watse.

Ƙanwa ɗaya gare shi, wadda har yau Auta yake ce mata ko da yake ta kusa sittin. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar mata ɗa namiji guda. Wannan ɗan shi ne 'yan kasuwa ke kira Injiniya, saboda yana sayar da kayan lantarki: waya, soket, makunnai, ƙwan fitila, bututun da ake binne waya a bango. Shekararsa talatin da ɗaya. Kantinsa yana layin masu fenti, tafiyar minti goma daga rumfar kawunsa, kuma shekara huɗu da buɗe shi. Cinikinsa mafi ƙarfi ba daga masu sayen ƙwan fitila ɗaya yake zuwa ba. Daga wasu masu haɗa wutar gidaje su uku yake zuwa, waɗanda kan shigo da takarda mai ɗauke da abu goma sha biyar ko ashirin, su ɗiba gaba ɗaya.

A farkon shekarar da ta wuce aka sa wa Injiniya ranar aure da wata malamar firamare. Uwarsa ce ta ɗauki ragamar liyafa. Ta rubuta sunaye a littafin makaranta har suka kai ɗari shida. Aka kama zauren taro, aka yi magana da mai girki. Duk wanda ya ce abin ya yi yawa, amsarta ɗaya ce: ɗanta ɗaya ne, kuma nata bikin har yau tsofaffin unguwarsu suna labarinsa, ba za a ce na ɗanta ya gaza ba.

Saura wata biyu biki, ƙwan fitilar rumfar Mai Buhu ya ƙone. Da hantsi ya taka zuwa kantin ɗan ƙanwarsa.

"Kawu da kansa? Ai da ka buga waya na kawo maka."

"Ƙafa tana son aiki. Ba ni ƙwai ɗaya, mai arahar."

"Kawu, ka sayi mai kyau mana ko sau ɗaya a rayuwa. Wannan da kake saye, sauro ma ba ya ganin hanya da shi."

"Buhu nake dubawa, ba allura ba."

Injiniya ya juya yana ba wani mai saye canji. Dattijon ya jingina da kanta, gwiwar hannunsa ta taɓa jerin kwalayen waya da aka tara har kusa da rufi. Jerin ya yi rawa. Kwalin waya cike mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da hannu guda. Ya sa yatsa biyu ya tura na kusa da shi, kwalin ya zame kamar ba komai a ciki, domin kuwa ba komai a ciki. Ya ɗaga kai ya bi kantocin da kallo. Soket ɗin da ya kamata a ce suna jere uku-uku zuwa bango, an baje su ɗaya-ɗaya a bakin kanta. Daga ƙofa kanti ne cike. Daga inda yake tsaye ana ganin katako a bayansu.

Yana nan tsaye ɗaya daga cikin masu haɗa wutar ya shigo da takardarsa. Injiniya ya karanta, ya ce abu biyu sun ƙare, a ba shi minti goma ya karɓo a maƙwabta. Mutumin ya ce yana da leburori suna jira, ya ninke takardarsa ya wuce kanti na gaba, ya sayi komai a can.

Mai Buhu ya biya kuɗin ƙwansa, ko da yake an ce ya bar shi. Bai ce uffan ba. Da aka tambaye shi daga baya dalilin shirunsa, ya ce mai kanti ba a yi masa faɗa a cikin kantinsa, domin kasuwa kunne ne da ita, kafin la'asar dilan da ke ba shi kaya zai ji cewa yaron ya fara cin uwar kuɗi. A gida kuma Auta tana nan, magana ba za ta kai ƙarshe ba. Shi ya sa ya sayi littafin rubutu, ya ciro takarda huɗu daga tsakiya. Safiya uku ya yi yana rubutawa a kan ɗaurin buhu kafin masu saye su fara zuwa. A rana ta huɗu ya miƙa wa Injiniya a ambulan, ya ce, "Ka karanta bayan ka rufe."

Wasiƙar tana nan har yau. Rubutun manya-manya ne, ya karkata dama, kuma akwai ɗigon fulawa a shafi na biyu. Ga abin da ta ce, ban da gaisuwa:

"Ɗana, ranar da na zo sayen ƙwai na taɓa kwalayenka. Ban yi don bincike ba, hannuna ne ya kai. Na ƙirga guda tara da babu komai a ciki. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba.

"Na san inda wayar ta tafi. Ba a sace ba, ba ka yi caca ba. Ka sayar, kuɗin ya shiga aljihun tebur, sai aka ce mai zaure yana son kafin alƙalami, ka buɗe ka ɗiba. Aka ce mai girki, ka sake ɗiba. A ranka ka ce kuɗina ne, kantina ne. A nan kuskuren yake. In ka sayar da waya ta dubu hamsin, dubu arba'in da biyar ba naka ba ne, na wayar ne. Hanya ce ta biyo da shi ta hannunka zai koma wurin dila ya dawo maka da wata wayar. Naka dubu biyar ne, kuma a ciki akwai hayar kanti da cefanen uwarka. Abin da ya rage bayan nan shi ne kuɗin biki. Wanda ya wuce wannan, kantin kake yanka wa mutane su ci.

"Ga yadda abin ke tafiya, tunda na gani da idona. Da farko ka daina sayen kwali-kwali, ka koma rabin dozin, dila ya ƙara maka farashi, riba ta ragu. Sai mai takarda ya zo ya tarar babu abu biyu, ya tafi da sauran goma sha takwas ɗin wani wuri. Ciniki ya ragu, amma haya ba ta ragu ba, cefane bai ragu ba. Sai ka fara karɓar kaya bashi, kana sayarwa don biyan na jiya. Kanti ba ya mutuwa ranar biki. Wata goma sha huɗu nawa ya yi yana numfashi kafin na mayar da makulli.

"Kun sha jin cewa roba ce ta kashe kantina. Robar ta zo, gaskiya ne. Amma mutum biyar ne muke sayar da kwanuka a layin nan, huɗu suka sayi robar suka ci gaba da ciniki. Ni ne ban da kuɗin saye, saboda na ciyar da mutum ɗari biyar a wani biki daga aljihun tebur. Na ce gudummawar mutane za ta mayar. Da aka ƙirga, ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma da yawa zannuwa ne da kayan ɗaki, ba abin da dila zai karɓa. Tukwane sukan zo ne shida a cikin juna. Na riƙa zare su ina jerawa ɗai-ɗai don kanta ta cika ido. Shi ya sa na gane soket ɗinka.

"Ba na ce kada ka yi liyafa ba. Aure abin murna ne, a ci a sha. Na ce ka tara tukuna, sannan ka auna liyafar da abin da ka tara. Yadda nake yi ke nan tun da na kama buhu. Kullum da yamma kafin ka rufe, ka fara ware kuɗin kayan da ka sayar, kada ka taɓa shi ko da wa ya mutu. Sai na haya da na gida. Daga saura ka cire abu ƙayyadadde. Kada ka auna shi da ranar da kasuwa ta yi kyau, ka auna shi da ranar da ta fi muni a mako, don kada ka sami dalilin tsallakewa. A ganina kantinka zai ɗauki dubu huɗu a rana. Ka buɗe masa asusu dabam a banki, wanda ba ka da katinsa a aljihu kuma ba ya cikin wayarka, sai ka taka ka bi layi kafin ka cire. Kwana shida a mako, a wata ya haura dubu ɗari kaɗan. Kaya suna tashi, saboda haka kada ka bar wanda za a mayar wa kanti ya daɗe a kwance, duk ƙarshen wata ka juya shi waya.

"In ka bi wannan, ranar da aka sa ba za ta yiwu ba, ɗari shida ma ba za su yiwu ba. Na san da kunya. Zan raka ka wurin mahaifin yarinyar in yi magana da bakina. Kunyar ɗage rana mako biyu ce. Ni shekara goma sha biyu na yi ina ce wa wani ranka ya daɗe a kan kayan da na fi shi sani.

"Ba ni da kuɗin da zan cike maka ramin. Da ina da shi ma da na yi tunani sau biyu. Kawunka."

A sakin layi na huɗu, gaban kalmomin "a wani biki", ya rubuta shekarar da aka yi shi, sannan ya ja layi biyu a kai. Biron bai rufe ba. Ana iya karantawa.

Injiniya ya karanta a kanti bayan ya ja ƙofa rabi. Ya ce abin da ya fara ji fushi ne, musamman a kan kwalaye taran, domin shi kansa bai taɓa ƙirga su ba. Ya isa gida ana shirin cin abincin yamma, ya ajiye takardun a gaban uwarsa.

"Ga yayanki ya rubuto mini littafi. Wai in ɗage aure in koma tara kwabo-kwabo kamar mai buhu. Shi da ya ciyar da mutum ɗari biyar a nasa bikin, ni zai hana."

"Wane ɗari biyar? Bikin Yaya ni na dafa abincin, tukunya biyu ce."

Ta sa tabarau ta karanta. Da ta zo wurin da aka ja layi, ta kai takardar kusa da taga. Ta daɗe a nan. Shekarar aurenta ce, shekara talatin da shida baya, wata bakwai bayan rasuwar mahaifinsu. Yadda Injiniya ya ba da labari daga baya, ta ninke takardun yadda ta same su, ta rufe abincinta da faranti ta shiga ɗaki.

Washegari da rana tsaka ta je rumfar. Rabonta da wurin ya fi shekara biyu, domin takan ce ƙurar fulawa tana sa ta tari. Ta same shi yana ɗinki. Ya jawo mata ɗaurin buhu ya shimfiɗa tsumma a kai, ta zauna.

"Yaya, bikina ne."

Ya ci gaba da jan zare.

"Da kai nake. Ka ce mini Baba ya bar kuɗi a ajiye don aurena."

"Ya bar wani abu."

"Nawa?"

"Ya sayi katifa."

"Sauran fa? Shanu biyun? Makaɗan? Motocin da suka kwaso mutane?"

"Auta, abin ya wuce."

"Bai wuce ba, tunda ka rubuta. Shekara talatin da shida ina buɗe baki a gaban mutane ina cewa bikina kaza, bikina kaza, kana zaune kana ji. Ina ganinka kana tsaron kantin wani ina cewa Yaya ba shi da sa'ar kasuwa. Ka bar ni ina zuba kamar wawuya."

"Ba ki roƙe ni ba. Shekararki ashirin da biyu, uba ya mutu, kullum kina kuka. Dangin mijinki masu hali ne. Na ce ba za a ce marainiya aka kawo musu ba. Ni na buɗe aljihun tebur da hannuna. In da wawa a maganar, ga shi a zaune."

"To me ya sa ka sa shekarar?"

"Na goge."

"Wannan ce gogewa? Makaho ma sai ya karanta."

Ya soke basillar a jikin buhu ya bar ta. "Na rubuta don yaron ya san ba tatsuniya ba ce. Sai na tuna da ke, na ja layi. Na so in sake shafin, sai na ga in na sake zan cire labarin gaba ɗaya, in na cire kuma wasiƙar ta zama surutun tsoho. Na bar shi haka. Ban sani ba ko na so ki gani. Wataƙila na so."

Wani mai hatsi ya zo neman ɗauri biyu. Mai Buhu ya tashi ya ƙirga masa, ya karɓi kuɗi, ya dawo. Tana nan yadda ya bar ta, fulawa ta ɓata mata gefen mayafi.

"Kantin yaron, da gaske ya kai haka?"

"Bai kai ba tukuna. In aka yi ɗari shida zai kai."

"An riga an buga kati."

"Takarda ce."

"Kai komai a wurinka takarda ce ko buhu." Ta miƙe tana kakkaɓe jikinta. "Ban yafe maka shirun nan ba, Yaya. Ka sani."

"Na ji."

A wannan makon Injiniya ya rufe kanti rabin yini ya ƙirga kayansa, karo na farko cikin wata biyar. Abin da ya ɗiba ya kai dubu ɗari shida: ɗari biyu ga mai zaure, ɗari uku ga mai girki, ɗari a kati da ɗinki da ƙananan abubuwa. Liyafar da aka tsara tana neman wajen miliyan biyu, kayan kantin kuwa a cikarsu ba su wuce miliyan uku da rabi ba. Ya ɗauki wasiƙar ya kai wa Malama, matar da zai aura, a bakin makarantarsu bayan an tashi. Ta karanta a tsaye.

"Kai da ka ce mini kasuwa tana tafiya?"

"Tana tafiya mana."

"Tana tafiya ina? Ni albashina ba zai riƙe gida da kai da Mama ba, Injiniya. In an ɗage za a yi da ni a ɗakin malamai, a ce ango ya gudu. Zan iya da su. Abin da ba zan iya ba shi ne in tare a gidan da ake ɓoye mini lissafi."

Mai Buhu ya cika alkawari. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, suka je wurin mahaifin Malama, tsohon direban babbar mota. Mutumin bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce an sanar da danginsa na nesa, wasu har sun nemi hutu a wurin aiki. Mai Buhu bai kawo uzurin rashin lafiya ko wani abu ba, ya faɗi lissafin yadda yake. Sai tsohon direban ya ce shi ma ya taɓa sayar da tayar ajiya don ya sha mai, ya san yadda tafiyar ta ƙare. Aka ƙara wata biyar a kan biyun da suka rage.

Mai zaure ya mayar da rabin kafin alƙalami, dubu ɗari, ya riƙe rabi kamar yadda takardarsu ta ce. A ranar aka juya kuɗin waya. Mai girki ta ƙi mayar da ko kwabo, amma ta yarda ta riƙe nata a kan liyafar mutum ɗari da hamsin, a cika mata saura idan lokaci ya yi. Ramin da ya rage a kanti dubu ɗari biyar ne, liyafar kuma tana neman ƙarin kamar dubu ɗari biyu, na cikon mai girki da hayar kujeru da rumfa. Dubu huɗu a rana, wata bakwai, lissafin ya kai da ƙyar.

Rage sunayen kuwa, Auta ce ta yi, ba wanda ya sa ta. Kwana uku tana zaune da littafin da jan biro. Ita ta riƙa amsa wayar waɗanda suka ji haushi. Wata ƙanwar mijinta ta ce ashe talauci ya shigo gidan ba a faɗa ba, kuma har yau gaisuwarsu daga nesa ce. A kasuwa ma an yi da Injiniya. Masu fenti suka riƙa tambayarsa ko amaryar ce ta ga mitar wuta ta fasa. Ya yi mako uku yana amsa wannan da murmushin dole, sannan suka sami wani suka koma kansa.

Tarin kuɗin bai tafi sumul ba. Littafin bankin ya nuna kwana goma sha tara da ba a saka komai ba, takwas daga ciki a jere lokacin da uwarsa ta kwanta asibiti da hawan jini. A wata na huɗu Injiniya ya je banki ya bi layi da niyyar cire dubu tamanin don wani agogo da takalmi da ya gani, ya kai gaban mai biyan kuɗi, sai ya fasa, ya ce a duba masa abin da ke ciki kawai. Kawunsa bai taɓa tambayarsa ko ya saka na yau ba. Sau biyu dai ya bi ta layin masu fenti ba tare da ya sayi komai ba, ya gaisa ya wuce.

An yi liyafar a filin da ke gaban gidan su Malama, ƙarƙashin rumfa biyu. An dafa na ɗari da hamsin, mutum kusan ɗari da tamanin suka zo, nama ya ƙare kafin layin ƙarshe. Auta ta ji zafin wannan, ta faɗa a gaban yayanta. Ya ce ya ji. Ta zuba masa nasa da hannunta, ta ajiye masa ba tare da ta dube shi ba. Bayan mako biyu ta aika masa da sarƙarta da 'yan kunne na zinariya a ƙulle cikin hankici, ta ce ya sayar ya rage asara. Ya mayar mata a ranar. Ta sake aikowa. Yanzu ƙullin yana gidan Injiniya a cikin akwati, domin kowannensu ya ce ba nasa ba ne.

Kantin yana nan a buɗe. A cikin wata bakwai ɗin waya ta tashi sau biyu, saboda haka kuɗin da aka mayar bai sayi yawan abin da aka ɗiba ba. Ƙirgar da Injiniya ya yi bayan biki ta nuna har yanzu yana bin kansa kamar dubu ɗari da ashirin, kuma babbar waya mai kauri, wadda ake ja daga mita zuwa cikin gida, bai iya sayenta kwali guda ba tukuna. Biyu daga cikin masu haɗa wutar sun dawo. Na ukun, wanda ya ninke takardarsa a gaban Mai Buhu, ya saba da kanti na gaba, yakan ɗaga hannu ya wuce. An biya hayar shekara a kan lokaci, kuma dila bai taɓa jin labarin ba.